Naira 140 a Jikin Bango

Kwana huɗu na ce, su kuma masu rubuta manhajar suka ce ɗaya da rabi, wai ai layi arba'in kacal za su taɓa a shafin biyan kuɗi. Jiya ke nan, a zaman tsara zangon sati biyu.

Na miƙe na lissafa musu a allo. Hanyoyin biya uku ne: kati, taransfa da USSD. Kowace sai an gwada ta a hali huɗu: ya tafi lafiya, kuɗi bai isa ba, sabis ya ɗauke a tsakiya, ko mutum ya ƙosa ya danna sau biyu. Sha biyu ke nan, a waya uku, 36. Kowanne minti 20, awa 12, wato kwana biyu in an cire salla, abinci da tarurrukansu. Kwana ɗaya na bin tsofaffin shafuka a ga ko sabon aiki ya fasa wani abu. Na ƙarshen na sake gwaji ne bayan sun gyara abin da na kamo.

“Malam, wa zai danna sau biyu?” in ji babbansu. “A cire wannan.”

Na ce bari a gani. Sabar gwaji ta kwanta tun safe, sai shugabarmu ta ce in yi da ta gaske, ai naira 500 ce. Na jona wayata da majigi, na danna, na ƙara dannawa.

Gaskiyata ta fito, an cire sau biyu. Amma saƙon banki ya sauko daga saman waya, majigi ya baza shi a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. Saura 640. Kafin in kai hannu, na biyu ya sauko: saura 140. Na share shi da yatsa, yatsan ya buɗe shi gaba ɗaya. Ɗaki ya yi tsit. Wata ta gyara tabarau. Wani ma leɓɓansa na motsi, karantawa yake. Ga shi wata bai ko raba tsakiya ba.

Baba mai kawo mana shayi yana bakin ƙofa da tire. Ya daɗe yana duban bangon, sannan ya ce, “Yaro, matsa kusa da taga ka ɗaga wayar sama. Wani lokaci sauran kuɗin a hanya suke maƙalewa.” Da ya ga ban motsa ba ya ƙara da cewa in cire batir in hura. Na ce ba a cire batirin wannan. Ya ce to shi ya sa.

Babbansu ya yi gyaran murya, ya ce in ƙara dannawa sau ɗaya. Na danna, aka rubuta kuɗi bai isa ba.

“Madalla,” in ji shi. “Biyu cikin 36 sun tafi. A rage minti 40.”