Jam'in da Ba Ya Son Ƙarin Wutsiya

Kalmomin kimiyya da Ingilishi ya aro daga Latinanci sun zo da jam'insu a hannu. Ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Zinder, wanda Faransanci ya saba masa da liƙa s a ƙarshen bactérie da critère, a nan yake yin tuntuɓe idan an ce ya taƙaita bincikensa da Ingilishi.

Ƙa'idar gajeruwa ce: tilon da ya ƙare da -um, jam'insa yana ƙarewa da -a. Ƙwayar cuta ɗaya bacterium ce, masu yawa bacteria. Da wuya a gamu da guda ɗaya tana yawo ita kaɗai, shi ya sa ake manta tilon. Criteria kuwa baƙuwa ce a gidan, asalinta Girkanci ne, tilonta criterion. Wanda ya rubuta criterias ya yi wa jam'i jam'i, kamar mai cewa jakunanai.

Data ita ce mai taurin kai. A littafi jam'in datum ce, kuma mujallun kimiyya da yawa suna son data are. A rubutun yau da kullum data is ta karɓu, datas ce dai ba ta samu shiga ba. Datum kuma ta koma hannun masu auna ƙasa da zana taswira, inda ake ganinta jefi-jefi.