Gaisuwa Ta Cinye Takarda

Daga Gwandu har Kalgo, ma'aikaci yakan tashi da Hausa ko Fulatanci, ya sha Larabci a makarantar allo, sannan ofis ya ce sai Turanci. A ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba a raina alƙalami, sai dai Turancin ofis ya gaji doguwar gaisuwa.

Ɗauki takardar neman kuɗin man janareta. Sakin layi na farko godiya ce ga ranka ya daɗe. Na biyu tarihin rashin wuta, kamar darakta baƙo ne a garin. Kuɗin kuwa ya maƙale can ƙasa, inda hatimi zai danne shi. Darakta ya sa hannu ya rubuta an gani, janareta ya ci gaba da hutawa.

Gyaran ba ya buƙatar ƙamus. Jimlar farko ta faɗi lita nawa, naira nawa, zuwa wace rana. Dalili ya biyo baya a layi biyu. Sannan ka juya wa masinja takardar da Hausa. In ya ce, "To, Malam, me ake so?" sake rubutawa.