Masu Awon Jiki a Gidan Suna

Tsakanin Maraɗi da Madarunfa tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma duk macen da ta zo suna ko biki daga birni, dangi za su dube ta kamar ta shekara goma a Makka. Kafin ki cire takalmi an gama auna ki. Masu awon iri-iri ne, kuma amsar da ta dace da ɗaya ba ta dace da ɗaya ba, don matsayin mai magana ake amsa wa kafin maganar.

Shugabarsu ita ce Gwaggo Mai Sikeli. Ba ta yarda da ido ba, sai ta taɓa. Kina durƙushe kina gaishe ta, ita kuwa ta kama damtsenki tana latsawa kamar mai tayin ragon layya. Sai ta ɗaga murya yadda masu tuƙa tuwo a bayan gida za su ji: "Ɗiyata, mi kike ci a Maraɗi? Tubarkalla, wuya har ya yi layi uku!" Ta tuna zanen da kika ɗaura bara da inda bakinsa ya tsaya. In kin ƙaru, ta ce hutu ya yi yawa. In kin ragu, ta ja ki gefe ta tambaya ko mijinki ya daina cefane, ko kishiya ce ke tafe. Ba a taɓa jin ta ce wa kowa "kina nan yadda kike" ba. Abin da ya kamata a gane shi ne, a wurin wadda ta ga yunwar 1984 da ta 2005 da idonta, ƙiba yabo ce, shaida ce cewa ana riƙon ki da kyau. Don haka kada ki kawo mata zancen likita da hawan jini a gaban jama'a. Ki ce, "Albarkarku ce, Gwaggo, furarku ce ta bi ni har can." Sannan nan take ki tambaye ta ciwon gwiwarta. Wannan zance zai ɗauke ta har la'asar, damtsenki ya huta.

Kaka ba ta da wuya. Jika da kaka abokan wasa ne, in ta ce kin cika ƙofa, ki ce gadon gida ne kika ɗauko tun tana raye. Taubashi ma haka. In ya ce kada ki shiga jirgin masunta a tafkin Madarunfa don kar ya nutse, ki ce ai shi iska ce za ta kwashe shi ta ajiye Ɗan Isa. Yin shiru gaban taubashi shi ne rashin kirki, don zai zaci fushi kike.

Akwai Kawu da ya yi aiki a Yamai, wanda ya san illar mai da sukari, yana yi miki wa'azi hannunsa cikin kwanon soyayyen kifi. "To, Kawu, na ji" ta ishe shi. Akwai kuma mu 'yan birni, masu cewa ba ma shiga harkar jikin kowa, sai dai mu kalli ƙanwa mu ce, "Telan nan naki ya rage miki yadi ko?"

Wadda ba na iya yi wa dariya ita ce Mai Magani. Ba tsofaffi take bi ba, 'yan mata sirara take nema, musamman wadda aka sa wa rana. Ta zauna kusa da yarinya, ta ce mata namiji ba ya son ƙashi, sannan ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Yawanci deksametazon ne, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki. Maganin asibiti ne na cututtuka masu nauyi, kuma abin da yake kawowa kumburi ne: fuska ta yi zagaye, ciki da bayan wuya su tara kitse, ƙafafu da hannuwa kuwa su sirance, fata ta yi ta tsagewa. A bayansu ciwon sukari da hawan jini na tafe. Wadda ta daɗe tana sha kuma, in ta yanke rana ɗaya tana iya faɗuwa, sai likita ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan.

Mai Magani ma ba a yi mata tsawa, don gobe a gidan wani sunan za ku haɗu. Amma a nan babba ce ya kamata ta amsa, don kunya ba za ta bar yarinyar ba. Ki matsa kusa ki ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri, amma wannan haka uwarta take, haka kakarta take, kuma lafiyarta ƙalau. Mayar da kayanki." Sai ki aiki yarinyar ta kai wa masu jego ruwan zafi, ke kuma ki zauna a gurbinta har a watse.