Masu Kai wa Tela Ƙara a Takarda

Duk wanda ya zauna a rumfar wani tela a Anka ko Gummi ko Bukkuyum mako guda bayan ƙaramar Salla, lokacin da tufafin idi suka sha wankinsu na fari, ya san cewa kwanakin nan kwanakin hisabi ne, domin a cikinsu ne yara ke sallama da riga a ƙunshe da takarda a bisa, kuma kowace takarda, ko da boko aka rubuta ta ko da ajami, maganarta biyu ce: riga ta ɗangale, kuma ta zuba. Ƙarar ɗaya ce, amma masu ƙarar iri-iri ne.

Akwai ma'abocin ladabi, wanda zai fara da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ya tambayi lafiyar iyali da almajiran shago da keken ɗinki, ya yi addu'ar Allah ya maimaita mana, har sai takarda ta kusa cika, sa'an nan a gefe, da ƙananan baƙaƙe, ya ce rigar nan kamar ta ɗan ɗage. In aka kwance ƙunshin sai a tarar abin da aka ɗinka domin idon sawu yana neman gwiwa. Kishiyarsa shi ne mai zafin rai, wanda ba ya ko bisimilla, ya kira tela maha'inci, ya rantse zai kai magana gaban Sarkin Mafaran Gummi, kuma shi ne za ka gani da sabon yadi a hammata kafin Babbar Salla.

Akwai wanda riga ba ta yi masa laifin kome ba. An gwada shi a ƙarshen azumi yana ramamme, ya yi mako guda yana rama bashin ciki, yanzu ya rubuto cewa rigar ta tsuke a ƙirji da ciki amma tsawonta yana nan. Tela mai hankali ba ya musu da shi, sai dai ya nemi ya zo a sake awo, domin yadin auduga ya fi shiga ta tsawo: zaren tsaye shi ne masaƙa ke ja da ƙarfi, a sa masa sitaci ya sandare a miƙe, ran da ruwa ya taɓa shi kuwa sai ya saki jiki ya koma inda ya fito. Rigar da ta matse a faɗi kaɗai, galibi mai ita ne ya ƙaru. Ɗan'uwansa a wannan babi shi ne mai cikon kuɗin ɗinki, wanda aibin riga ba ya bayyana gare shi sai ranar da aka aiko karɓar ciko.

Sai malami, wanda takardarsa fatawa ce. Zai tunatar da tela cewa a mazhabar Malikiyya masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su suka keɓanta da shi, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, saboda haka wajibi ne a biya shi ƙimar yadinsa. Hukuncin sahihi ne, sai dai malam ya ɗora shi inda bai zauna ba, gama lamunin yana kan abin da ya ɓata ko ya lalace a hannun mai sana'a, rigar malam kuwa lafiya lau ta bar shago, a cikin baho ta gamu da ajalinta. In yadin ne mai aibi tun asali, babin da ya kamata ya buɗe shi ne na mayar da haja saboda aibi, abokin shari'arsa kuma mai yadi ne, wanda watakila ɗan cin kasuwa ne da ya shimfiɗa kaya a Daki Takwas ya naɗe ya wuce. Tela shi ne ke zaune wuri ɗaya, don haka shi takarda ke samu.

Ba zan daɗe a kan maigidan da ke rubutu da yawun uwargida ba. Takardarsa ta ce an wanke riga da lallami. Bincike kuwa ya nuna an jiƙa ta cikin omo da ruwan zafi ta kwana, tare da farar 'yar ciki wadda ta wayi gari shuɗiya, aka kuma shanya ta a tsakar rana har la'asar.

Amma akwai guda ɗaya wanda teloli ke tsoro, shi ne mai awo, sau da yawa tsohon malamin makaranta ko akawun da ya yi ritaya, wanda ba ya zagi ba ya fatawa. Ga irin takardarsa: “Malam, bayan gaisuwa. Ranar da na karɓi kaftanin nan tsawonsa inci 56 ne, hannu inci 24, kamar yadda ka rubuta a littafinka. An wanke shi sau ɗaya da ruwan sanyi da sabulu, an shanya a inuwa. Yau tsawo 53 ne, hannu ya gaza 23 da kaɗan, ƙirji yana nan yadda yake. Jikin yadin fari ne tas, amma kewayen wuya da bakin aljihu sun yi shuɗi-shuɗi. Ina neman bayani. Haza wasalam.”

Wannan takarda ta gama shari'a kafin a zauna. Tun da rigar ta cika awonta ranar karɓa, tela ya kuɓuta daga zargin cin yadi, domin rigar da aka yanka gajera tun ran fari take gajera. Inci 3 cikin 56 kusan ɗaya cikin 20 ne, hannu ma kimanin haka ya ragu, wato yadin ne ya shiga bai ɗaya. A wannan lissafi yadi 5, inci 180 ke nan, zai rasa inci 9, rubu'in yadi cur. Laifin tela a nan na sakaci ne: da ya yanki ƙyalle ya auna, ya jiƙa ya bushe ya sake aunawa, da ya sani, sai ko dai ya jiƙa yadin duka kafin ya sa almakashi, ko ya bar kalmasa mai zurfi. Uzurinsa kuwa ba ƙarya ba ne, cewa a goman ƙarshe na azumi babu mai lokacin jiƙo, kuma masu yadi da kansu ba su yarda, don ruwa yana tafiya da ƙyallin da suka biya kuɗi dominsa.

Zubar kuwa hukuncinta dabam ne, kuma wurin tabon shi ne shaida. Yadin da rininsa bai kama ba, ruwan wankin duka yake rinawa, rigar ta koɗe ko'ina. Baƙin rinin baba ma, irin na karofin Ƙofar Mata a Kano, ɗabi'arsa ce ya shafi jiki da abin da ya goga, ba a kiransa aibi. Amma farin yadi ba shi da abin zubarwa, saboda haka shuɗin da ya tsaya a gefen aiki daga zaren aikin ya fito, zaren kuwa tela ne ya saya, kuma da ya goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin ya ɗora a keke, da ya tona kansa. Nan fa fatawar malam za ta yi amfani, ga shi kuwa mai awo bai nemi kome ba sai bayani.

Abin da tela kan yi shi ne ya warware kalmasa ya sauko da inci 2 in akwai, ya sa a yi guga da ruwa don layin tsohon naɗi ya ɓace, ya farke aikin wuyan ya sake da wani zare a kan kuɗinsa, ya faɗaɗa shi kaɗan don ya rufe tabon. Inci ɗayan da ya rage kuma sai ya ce ai ɗage tufa sama da idon sawu sunna ce.