Masu Cika Katin Ban-kwana da Wahalar Mai Haɗa Shi

A makarantu da ofisoshin gwamnati na ƙananan hukumomi biyar da suka haɗu suka zama masarautar Daura, wato Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Ɓaure, ma'aikaci yakan bar wurin aikinsa ta ɗayan hanyoyi biyu: ko dai takardar canjin wurin aiki ta zo masa daga Katsina ko daga sakatariya, ko kuwa ya cika shekarun aiki ko na haihuwa da doka ta ƙayyade, ya yi ritaya. Kowacce ce ta same shi, abokan aiki sukan yi karo-karo su saya masa shadda ko agogon bango, su haɗa da katin ban-kwana, wanda takarda ce mai kauri da ake bugawa a shagon kwamfuta da sunan ma'aikata duka. Wanda ake ɗora wa tattara kalaman jama'a da mayar da su magana ɗaya, wanda za a kira mai haɗawa a nan, galibi malamin Hausa ne ko sakataren ƙungiyar ma'aikata, kuma ba a cika zaɓensa don ƙwarewa ba, sai don shi ne bai halarci taron da aka raba aikin ba.

Matsalarsa ta fili ce tun farko. Takardar A4 idan aka ninke ta biyu takan ba da shafi huɗu, na gaba na sunan mai tafiya da hotonsa, na baya na kwanan wata, na ciki ɗaya na jerin sunaye, saboda haka shafi ɗaya tak ya rage wa saƙon, wanda ba ya ɗaukar fiye da kalma 150 in ana so dattijo ya karanta ba tare da ya nemi tabarau na biyu ba. A ƙaddara makarantar sakandare ce mai ma'aikata 30 take sallamar mataimakin shugabanta da aka mayar Ɓaure, kuma abin da aka tara ya kai kalma 900. Ke nan kashi biyar cikin shida na maganar mutane sai an zubar, kuma kowane ɗayansu zai buɗe katin ranar walima yana neman tasa.

Mafi yawa a cikinsu shi ne mai addu'a ɗaya, wanda ke rubuta "Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri" ya miƙa biro ga na kusa da shi, shi ma ya leƙa ya kwafa. Wannan rukuni rahama ne ga mai haɗawa, domin layi goma sha biyu iri ɗaya sukan narke su zama jimla guda, kuma kowanne daga cikin sha biyun yakan tafi gida da yaƙinin cewa tasa ce aka ɗauka. Ƙanensa shi ne wanda ke cewa "duk abin da kuka rubuta na yarda", mutumin da ba ya cin fili ko kaɗan, sai dai shi ne farkon mai gano kuskure bayan an buga.

Kishiyarsu mai huɗuba ne, wanda aka nemi layi biyu daga gare shi ya kawo shafi biyu, ya buɗe da godiya ga Allah da salati, ya ratsa ta zuwan Bayajida da kisan macijiyar rijiyar Kusugu don ya nuna cewa Daura ta saba karɓar baƙo, ya taɓo zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, sa'annan a sakin layi na ƙarshe ya tuna da wanda ake sallama. Ba a gyara irin wannan rubutu da rage kalma nan da can, domin duk yadda aka datse shi huɗuba ce dai gajera. Abin da ke aiki shi ne a nemi jimla ɗaya da ta ambaci wani abu da mai tafiyar ya aikata da hannunsa, a ɗauke ta, a mayar wa marubucin sauran da roƙon ya karanta shi da bakinsa a wurin walima, inda zuwan shinkafa zai yi masa iyakar da mai haɗawa ba shi da ƙarfin halin yi masa. Haka ake yi wa mai kirari, wanda ya kira mataimakin shugaban makaranta giwa da zaki da bangon gabas a layi ɗaya, da mai Turanci, wanda ke kawo kalmomin da shi kansa sai ya duba ƙamus kafin ya fassara su. Kati harshe ɗaya yake so, kuma tun ranar da aka fara tattarawa ya kamata a faɗi wanne ne.

Wanda ya fi kowa haɗari ba ya cikin waɗannan, domin shi da zuciya ɗaya yake rubutu, kuskurensa kawai shi ne duk kalaman rabuwar da ya sani a zaman makoki ya koye su. Shi ne mai rubuta "Malam ya kasance mutumin kirki", ya bi da "mun yi babban rashi", ya rufe da "Allah ya sa ya huta", yana nufin hutun ritaya, alhali duk Bahaushen da ya ji wannan addu'a kabari yake hangowa. Alamar da ake gane irin wannan layi ita ce ya yi maganar mai tafiya a matsayin wanda ba ya nan, halayensa duk sun zama labarin da, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: a karanta shi da ƙarfi, in ya dace a faɗe shi a kan tabarmar ta'aziyya ba tare da an sauya kalma ba, to, bai dace da kati ba. Gyaransa shi ne a dawo da mutumin duniya, "ya kasance" ta koma "mun san ka da", "rashi" ya koma "kewa". A nan akwai wata 'yar ƙa'ida da baƙon harshe kan yi tuntuɓe da ita, wato "Allah ya gafarta Malam" gaisuwar girmamawa ce ga rayayye, amma "Allah ya gafarta masa" a ƙasan hoton mutum sanarwa ce ta daban.

Neman gafara kansa ba a cire shi, domin shi ne ginshiƙin sallama a ƙasar Hausa, har Muhammadu Buhari, ɗan garin Daura, da yake shirin sauka daga mulki a 2023 ya roƙi waɗanda ya ɓata wa su yafe masa. Abin lura shi ne mai habaici, wato mai jifa da magana a kaikaice, ya fi son ɓuya a cikin wannan sashe. Idan aka ga "mun yafe maka duk abin da ka yi mana, musamman na jarrabawar bara", ko "Allah ya haɗa ka da irin halinka", wadda addu'a ce ga mai kirki kuma la'ana ce ga waninsa, sai a san an zo wurin. Kusa da shi akwai ma'ajin adashi, wanda ke fatan Malam "ba zai manta da mu ba a ƙarshen kowane wata", yana nufin zubi uku da suka rage. Ƙa'idar ita ce gafara a kati ta zama ta kowa da kowa, ta tafi ta dawo, ba a ambaci laifi ko ɗaya ba. Abokin wasa, kamar Babarbare ga Bafulatani, yana da hurumin tsokana da al'ada ta ba shi, amma hurumin nasa ne shi kaɗai, kuma da zarar an sa zolayarsa a ƙarƙashin "mu" ta zama zagin ma'aikata 30.

Bayan wannan tankaɗe, aikin da ya rage na jeri ne. Mai haɗawa yakan kasa abin da ya tsira kashi huɗu, gaisuwa da shaida da gafara da addu'a, ya jera su a haka, domin haka sallamar baka take tafiya. Sai ya daidaita wakilin suna, wato kalmar da ke tsayawa a madadin suna, domin wani ya rubuta "kai", wani "ku" na girmamawa, wani "shi", ɗan Katsina ya sa "mashi" inda ɗan Kano ya sa "masa", kuma katin da ya fara da "mun gode maka" ya koma "mun gode masa" a tsakiya yakan sa mai karatu ya ɗauka mutum biyu ne za su tafi. Duk "ni" takan koma "mu", sai a wuri ɗaya ko biyu da aka bar magana da sunan mai ita.

Wannan wuri galibi na tsohon maigadi ne ko masinja, wanda ba a tuna da shi sai an kusa gamawa, ya kawo nasa da ajami a bayan takardar magani ko ya faɗa da baki a rubuta masa. Shi ba ya cewa Malam mai haƙuri ne da riƙon amana, kalmomin da za su hau kan kowane ma'aikaci daga Sandamu har Kwangwalam. Cewa yake yi ranar da ruwa ya rushe masa katanga Malam ne ya zo da kansa a kan babur. Layi ɗaya irin wannan ya fi siffofin yabo ashirin, kuma da shi ne katin misalin nan zai iya zama kamar haka: "Malam, muna yi maka sallama da kewa. Mun san ka da riga kowa zuwa da bin bayan kowa wajen tashi, kuma Baba maigadi ya ce a rubuta cewa bai manta da ranar katanga ba. Abin da muka yi maka ka yafe mana, mu ma mun yafe. Allah ya sa Ɓaure ta karɓe ka, ya haɗa ka da abokan aiki nagari."

Rigima ta gaskiya a shafin sunaye take. Mai muƙami ba ya karanta saƙon, sunansa yake nema, ya ga ko an sa "Alhaji" da "Dakta" da sarautar unguwarsu, ya kuma ƙirga mutum nawa ne a samansa. Jerin abacada, wanda ake ɗauka adalci ne a wasu ƙasashe, a garin sarauta yakan ɗora Abba ɗan bautar ƙasa a kan shugaban makaranta mai suna Zakari, saboda haka mafita ita ce a bi jerin rajistar ma'aikata, wanda hukuma ta riga ta ɗauki zunubinsa. Daga nan sai shagon bugawa, inda salon haruffan da aka zaɓa don ƙawa sau da yawa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito a matsayin ƙananan akwatuna ko su rasa lanƙwasarsu, shi ya sa ake buga gwaji a farar takarda a ba mutum biyu su karanta kafin a taɓa mai kaurin. Mai latti kuwa, wanda aka bi shi mako guda yana cewa gobe, yakan iso bayan an manne katin da leda, riƙe da biro, yana tambayar inda aka bar masa fili.