Mutanen da Ake Gane Su Tun Daga Saman Wasiƙa

Akawun da ke karɓar takardun neman aiki ba ya karanta cikin wasiƙa, aikin manya ne wannan. Shi idonsa wuri huɗu yake faɗawa: wa ya rubuto kuma ina za a mayar masa da amsa, yaushe ya rubuto, wane fayil maganar ta shafa, me yake nema. A tsarin da aka koya mana a makarantun Nijeriya, adireshin mai rubutu yana sama ta hannun dama, kwanan wata na ƙarƙashinsa. Sai a sauko ta hagu a rubuta muƙamin wanda ake aika wa da adireshin ofishinsa, a yi gaisuwa ta layi ɗaya, sannan kanun wasiƙa ya biyo baya. Ba wani abu ne mai wuya ba, amma a wannan ɗan fili ne halin mutane yake fitowa.

Na farko shi ne Malam Kwatance. Shi bai yarda da lambar gida ba. Adireshinsa yana farawa da "bayan tsohon gidan mai", ya bi ta "kusa da mai shayi", ya ƙare da "a tambayi gidan Baban Yara". Kafin ya gama ya cinye layi bakwai, kwanan wata ya rasa wurin zama ya koma gefe a karkace. Ya manta cewa masinja ba ɗan unguwarsu ba ne, mai shayin kuma yana iya tashi. Layi uku ko huɗu sun isa: lambar gida da sunan titi, unguwa, gari, jiha. Wanda gidansa ba shi da lamba sai ya sa akwatin gidan waya, ko ya ce a aiko ta hannun wata makaranta ko ofis da aka sani, ya ƙara lambar waya. Sunansa kuwa ba nan ne wurinsa ba, yana can ƙasa, ƙarƙashin sa hannu.

Akwai ƙaninsa, Cika-Gefe, mai tsimin takarda. Yana fara rubutu daga ƙarshen kusurwa kamar an ce masa za a caje shi kuɗin filin da ya bari. Bai san cewa a ofis ana huda kusurwar sama ta hagu a zura igiyar fayil ba, ana kuma rubuta lambar shafi a kusurwar dama, hatimin karɓa ma yana buƙatar inda zai sauka. Sai a huda "Babban Sakatare" a tsakiya, hatimi ya danne lambar wayarsa. Bayan wata shida ka ji shi yana cewa an danne masa takarda don ba shi da kowa.

Sai Hajiya Ba-Rana. Ita ta rubuta wasiƙa ɗaya tun shekarar da ta gama bautar ƙasa, ta bar gurbin kwanan wata fayau, ta yi kwafi hamsin. Duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata sai ta zaro ɗaya. Wani lokaci ta cike gurbin da shuɗin biro a kan baƙin rubutu, wani lokaci ta manta. To kwanan wata shi ne shaidar mutum idan aka ce an rufe karɓa ranar kaza. Abokin tafiyarta shi ne mai rubuta 3/4/2025. A Kano wannan uku ga Afrilu ne, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka, inda wata yake gabatar rana, huɗu ga Maris take nufi. Idan an rufe karɓa a ƙarshen Maris, ɗaya fassarar ta shigar da kai, ɗayar ta fitar da kai. Maganin gardama shi ne a rubuta sunan watan a cike: 3 ga Afrilu, 2025.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Alhaji Ma'aikata. Ya ga takardun gwamnati suna ɗauke da layi biyu a sama, "lambarmu" da "lambarku", abin ya burge shi. Sai ya ƙago tasa: haruffan sunansa, karan tsaye, shekarar haihuwarsa, wani karan, sai 001. Mutumin da duk takardunsa suna cikin leda ƙarƙashin katifa! Lambar takarda adireshin fayil ce. Idan ka ga ADM/45/18, haruffan suna nuna sashe, 45 fayil ne, 18 kuma shafin da kwafin takardar yake. Wanda ba ya ajiye fayil ba shi da "lambarmu". Abin da ake so daga mai neman aiki shi ne ya kawo lambarsu: wadda ke jikin tallar aikin, ko jikin takardar da suka aiko masa. Ya kwafe ta harafi da harafi, ya sa ta cikin kanu ko a jimlar farko, tare da ranar da tallar ta fito.

Ga kuma Mai Dogon Kanu. Kanunsa shi ne: "Neman taimako saboda Allah da Annabi a kan a duba halin da nake ciki ni da iyalina a ba ni kowane irin aiki." Da manyan baƙaƙe, an ja layi biyu a ƙasa, an zagaye da jan biro. Akawu ya karanta har ƙarshe bai san teburin da zai miƙa ta ba, domin babu wani sashe mai suna "kowane irin aiki". Kishiyarsa kuma shi ne mai rubuta "Neman Aiki" kawai, a hukumar da ta tallata gurbi goma sha biyu. Kanu layi ɗaya ne mai faɗin muƙami: NEMAN AIKIN MALAMIN LISSAFI, sai lambar talla. In an yi shi da manyan baƙaƙe ba sai an ja layi ba. In da ƙanana ne a ja layi ɗaya. Wurinsa ƙarƙashin "Ranka ya daɗe", ba samansa ba.

Kada a yi saurin yi wa Ɗan Maraɗi dariya. Shi sunansa da adireshinsa suna sama ta hagu, gari da kwanan wata ta dama, wanda ake aika wa shi ma ta dama, abin da ake nema kuma ya riga gaisuwa. Malaman Katsina su ce ya juya wasiƙa, alhali tsarin Faransa ne da ake bi a Nijar, kuma a can daidai yake. Haka nan yaron shagon buga takardu da ke jera komai ta hagu, tun daga adireshi har sa hannu: tsari ne karɓaɓɓe a wasiƙar da aka buga da na'ura. Mai laifi shi ne Gamin-Gambiza, wanda ya ɗebo nan ya ɗebo can, ya sa kwanan wata sau biyu don kowa ya samu.

Na ƙarshe shi ne Ɗan Aro. Wasiƙarsa ba ta da makusa: adireshi a dama, kwanan wata a cike, lamba daidai, kanu layi ɗaya. Ta abokinsa ce ya karɓa a waya, ya sauya suna a ƙasa, ya bar lambar wayar da ke sama. Abokin ne aka kira ganawa, kuma ya je.