Mu da "Salam" a Kan Wasiƙa

Mu dai a unguwar nan ba ma shiga gida sai da sallama, to har imel ma mun bi shi da halinmu. Wannan ɗan layin na sama da aka rubuta wa Subject, can muke zuba gaisuwa. Wani ya sa "Salam", wani "Ranka ya daɗe", mai gaggawa kuma ya rubuta "Don Allah a duba".

Jiya da yamma a teburin mai shayi, maƙwabcina mai buga takardu ya zo yana huci. Wata uku ke nan da ya kai wa wata makaranta littattafan rubutu 500, ya tura takardar neman biya, shiru kake ji. Baba, tsohon akawu mai ritaya, ya ajiye kofi ya ce, "Yaro, me ka rubuta a kanta?"

"Salam na sa, Baba."

Majalisa ta kwashe da dariya, alhali duk kanwar ja ce.

Baba ya ce, "Akanta ba ranar da saƙo ya zo yake biya ba. Sai ƙarshen wata zai zauna ya nemo shi. Idan ya buga Salam a wurin bincike, rabin gari ne zai fito masa. A zamaninmu fayil marar suna ƙasan kabad yake kwana."

Ya karɓi wayar, ya sa aka rubuta: "Neman biya: rasit 0142, littattafai 500, kafin 30 ga Yuni".

Ya ce abin da kake so a yi shi ne a gaba, domin waya kalmomin farko kawai take nunawa, ta datse sauran. Sai lambar rasit, don ita ba ta da rubutu biyu. Kai ka rubuta "kuɗi" da lanƙwasa, shi ya nemi "kudi", kuna iya saɓawa, amma 0142 ko da tsakar dare 0142 ce. Kwanan wata kuma ya fi "da gaggawa", tunda kowa gaggawar yake yi.

Mai shayi ya ce, "Baba, ni tsohon saƙo nake nemowa in amsa a kansa, ya fi sauƙi."

"Kai ne babban mai laifi! Sai Re: ya maƙale a kan tsohon take, sabuwar maganarka ta shige ƙarƙashin gaisuwar sallar bara. Sabuwar magana, sabon saƙo."

Maƙwabcina ya sosa ƙeya. "To ita gaisuwar fa, Baba? Kada a ce ba ni da tarbiyya."

"Zuba ta a cikin wasiƙar, har ka tambayi iyali da gajiya. Ka taɓa ganin an rubuta ina kwana a bayan ambulan?"

Ya tura, ya biya wa Baba kuɗin shayi. Ni kuwa na juya baya na leƙa tawa wayar a ɓoye. Saƙo bakwai na tura makon nan, biyar "Salam", biyu ko taken babu.